Jagorar Kare Ma'aikatan Lafiya da Masu Jinya daga Mura Mai Zazzaɓi a Asibitin Karkara

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Kano ko Jigawa ya san yadda safiyar hunturu take kasancewa, musamman idan ranar rigakafi ko ta awon ciki ta faɗo a ranar kasuwa. Mata sukan iso tun da sassafe da goyonsu, iska mai sanyi da ƙura tana kaɗawa, don haka abu na farko da mai shara yakan yi shi ne ya rufe tagogi ya kara ƙofa, domin tausayin jarirai. Kafin ƙarfe tara mutum talatin sun cunkushe a ɗakin da aka gina don mutum goma, kuma a cikinsu akwai masu tari huɗu ko biyar. A irin wannan ɗakin ne ma'aikacin lafiya da mai jinya suka fi kamuwa da mura mai zazzaɓi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, kuma shi ya sa wannan jagora za ta bi mara lafiya tun daga bakin ƙofa har zuwa gadon jinya.

Ya kamata a fara da bambance wannan ciwo da murar da aka saba. Mura ta yau da kullum tana zuwa a hankali, da yoyon hanci da atishawa, mutum yana iya ci gaba da aikinsa. Ita kuwa mura mai zazzaɓi farat ɗaya take kwantar da mutum, da zafin jiki mai yawa, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi da tsoka, da busasshen tari, kuma tana iya sauka a huhu ta zama nimoniya, musamman ga ƙananan yara, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya ko sikila. Kakanninmu sun san ƙarfinta, domin annobar shekarar 1918 da Hausawa suka kira marisuwa irin wannan cuta ce. Bayan ƙwayar cutar ta shiga jiki takan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu kafin alamu su bayyana, mutum yana iya yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji ciwo, ya ci gaba da yaɗawa har kwana biyar zuwa bakwai, yara ƙanana kuma sukan wuce haka. Hanyoyinta uku ne, wato feshin da ke fita daga baki da hanci ya sauka a fuskar wanda ke kusa, da ƙananan ɗigo masu sauƙi da ke tsayawa cikin iskar ɗakin da aka rufe, da kuma hannun da ya taɓa majina sannan ya taɓa ido ko hanci. Takunkumi yana tare ta farko, tsabtar hannu tana tare ta uku, ita kuwa ta biyu iska ce maganinta, kuma a ganina ita aka fi sakaci da ita a wajenmu.

Mataki na farko: tantancewa tun daga bakin ƙofa

Kafin kowa ya zauna a benci, mai ba da kati ko wani ma'aikaci da aka ware ya tsaya a bakin ƙofa, a fili, sanye da takunkumi, yana yi wa kowane mai shigowa tambaya biyu: akwai zazzaɓi, akwai tari? Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ciwo mai kama da infuluwenza shi ne zafin jiki da ya kai digiri 38 ko ya wuce, tare da tari, wanda ya fara cikin kwana goma da suka gabata. A bakin ƙofa ba sai an jira ma'aunin zafi ba, duk wanda ya ce yana tari da zazzaɓi a miƙa masa takunkumi nan take, a nuna masa bencin da aka keɓe a inuwar rumfa ko gindin darbejiya, inda za a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin mutum da mutum. Takunkumi ɗaya a bakin mai tari ya fi amfani fiye da a raba guda biyar ga masu zaune kewaye da shi, domin a nan ake tare feshin tun bai watsu ba.

Yadda ake faɗin maganar yana da tasiri, domin mutanenmu ba sa son a ware su a gaban jama'a. Na ga ma'aikaciyar da ta iya wannan, takan ce wa dattijuwa: «Iya, ga wannan ki rufe hanci da baki, ki zauna nan inuwa, ke za mu fara gani don kada ki daɗe.» Kuma sai ta cika alkawarin, domin duba masu tari da wuri yana rage lokacin da suke yi a cikin taro. Yaron da bai wuce shekara biyar ba ba a sa masa takunkumi, balle jariri, domin zai iya toshe masa numfashi. Uwar ce za ta sa, ta riƙe ƙyalle mai tsabta don share masa hanci, ta zauna da shi a wurin masu tari. A ranar awo da rigakafi kuwa wajibi ne layin masu ciki da jarirai masu lafiya ya kasance a wani gefe dabam, ko da hakan na nufin a shimfiɗa musu tabarmi a bayan ginin inda bango ke tare sanyi.

Mataki na biyu: iskar ɗaki, da yadda ake lissafa ta

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ne matakin da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne wanda aka fi jayayya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta shekarar 2009 kan shigar iska a asibitoci, ta ce ɗakin kwanciya na gama-gari da ɗakin duba marasa lafiya suna bukatar sabuwar iska lita 60 a kowace daƙiƙa ga kowane mara lafiya, ɗakin da ake keɓe masu cutar da ke bin iska kuma lita 160. Akwai hanya mai sauƙi ta kimanta abin da taga ke bayarwa. Idan akwai buɗaɗɗun kafofi biyu a bango biyu masu fuskantar juna, kamar taga da ƙofa, ana ninka 0.65 da saurin iskar waje a mita a daƙiƙa, da faɗin ƙaramar kafar a murabba'in mita, sannan da 1000, a samu yawan lita a kowace daƙiƙa. Idan kuwa kafar a bango ɗaya kawai take, to 0.05 ake sawa a madadin 0.65. Tagar da ke da ragar sauro kuma ana raba sakamakonta gida biyu.

Bari mu ɗauki wani asibiti da na taɓa aiki da shi a wani ƙauye na Jigawa. Ɗakin duba marasa lafiya yana da taga ɗaya a bangon gabas mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 80, wato murabba'in mita 0.8, da ragar sauro a jikinta, sai ƙofa a bangon yamma wadda ke buɗewa zuwa baranda. Mu ƙaddara iskar waje tana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wato iska mai laushi wadda da ƙyar take motsa ganye. Idan taga da ƙofa duk suna buɗe, lissafin yana ba da lita 520, ragar sauro ta mayar da shi 260, wanda ya ishi mutum huɗu. Da zarar an rufe ƙofar, lissafin ya koma lita 40, raga ta mayar da shi 20, wato kashi ɗaya cikin uku kawai na bukatar mutum guda. Rufe ƙofa kaɗai ya rage iskar ɗakin ninki goma sha uku. Lokacin da na yi wa shugabar asibitin wannan lissafi a bayan katin awo, ita da kanta ta ce to ashe ɗakin jira, wanda tagoginsa biyu suke bango ɗaya, bai cancanci a zaunar da mutum talatin a cikinsa ba, kuma daga makon ta mayar da jira ƙarƙashin rumfa.

Hujjar da ake kawowa wajen rufe ƙofar ɗakin duba ita ce sirri, kuma hujja ce mai ƙarfi, domin mace ba za ta buɗe jikinta ko ta faɗi damuwarta mutane na leƙe ba. Mafita ita ce a bar ƙofar a buɗe, a kafa allon kariya ko labule mai tsayawa da ƙafafunsa kimanin mita ɗaya a cikin ɗaki daura da ƙofa, yadda zai tare ido amma iska ta wuce ta samansa da ƙasansa da gefensa, sannan a matsar da benci nesa da ƙofar don kada a ji magana. Idan binciken ya tilasta a rufe ƙofa, a buɗe ta da zarar an gama.

Bayan yawan iska sai kuma inda ta nufa. Abin da ake so shi ne iska ta shigo ta bayan ma'aikaci ko ta gefensa, ta wuce kan mara lafiya, ta fice waje zuwa wurin da babu jama'a. A hunturu iska daga arewa maso gabas take tasowa, da damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka teburin da ya zauna daidai a watan Janairu yana iya zama kuskure a watan Yuli. Ana gane wannan da turaren tsinke: a kunna shi, a riƙe a bakin taga, a bakin ƙofa, da kuma daidai wurin da mara lafiya ke zama, a kalli inda hayaƙin ke tafiya. Idan daga kujerar mara lafiya yake nufo fuskar ma'aikaci, a sauya kujerun. Idan yana fita zuwa barandar da mutane ke jira, a ɗauke bencin daga hanyar. Idan kuwa ya miƙe sama ya tsaya yana kewaya, to ɗakin ba ya samun iska, kuma sai a nemi wata kafa. Wannan gwaji a yi shi da safe kafin marasa lafiya su shigo, domin hayaƙi yana tayar da asma, kuma kada a kunna wuta kusa da tukunyar iskar oksijin ko kwalbar sanitaiza.

Fankar sama a rufaffen ɗaki ba ta kawo sabuwar iska, juya wadda ke ciki kawai take yi, don haka amfaninta yana tare da buɗaɗɗun tagogi. Inda akwai wutar sola, fankar tsaye da aka ajiye a bakin taga tana fuskantar waje tana jan iskar ɗaki ta fitar, kuma ta fi amfani a ranakun da iska ta kwanta. Batun sanyin dare a ɗakin kwanciya gaskiya ne, bai kamata a yi wasa da shi ba, musamman ga jariri sabon haihuwa da yaro mai tamowa, waɗanda sanyi ke yi wa illa da sauri. Abin da ya dace shi ne a bar tagogin sama ko saman luba a buɗe a bango biyu, a janye gadaje daga hanyar iskar kai tsaye, a ƙara barguna da huluna da safa, jariri kuma a manna shi a ƙirjin uwarsa. Kaskon gawayi da masu jinya kan shigo da shi don ɗumama ɗaki haramun ne a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Mataki na uku: sa takunkumi da cire shi

Takunkumin asibiti na yau da kullum, wanda ake amfani da shi a yar, ya wadatar wajen duba mai mura da ba shi magani. Ma'aikaci ya tsabtace hannunsa kafin ya ɗauko shi daga kwali, ya duba ko ya yage, ya sa gefen da ke da launi a waje, ƙarfen da ke bakinsa a sama. Bayan ya rataya igiyoyin, ya matse ƙarfen da yatsun hannu biyu ya bi siffar karan hanci, sannan ya ja ƙasan ya rufe haɓa. Idan gefe ya yi baki a kumatu, ana ƙulla kowace igiya kusa da jikin takunkumin a cusa rarar ciki, amma ba a gicciya igiyoyin, domin hakan yana ƙara buɗe gefen. Mai gilashin ido yana da alama a tare da shi, domin idan gilashin yana yin hazo, iska ce ke fita ta saman hanci.

Ma'aikatanmu mata da yawa suna sanye da hijabi, kuma na sha ganin ana ɗora takunkumi mai igiyar kunne a saman hijabi ana maƙale shi da fil, ya kwanta sako-sako. Ko dai a sa shi a kunne kafin a ɗora hijabin, ko a nemi irin mai ɗaurin baya, ko a haɗa igiyoyin biyu ta ƙeya da ɗan maɗauri. Niƙabi da bakin mayafi da rawani ba sa maye gurbin takunkumi, kodayake rufe baki da mayafi lokacin tari ya fi barin sa buɗe. Doguwar hijabi kuma a tattare ta cikin rigar aiki, domin bakinta yana shafar gado da jikin mara lafiya, sannan a goge fuska da shi.

Yawancin kamuwa wajen cirewa take faruwa. Gaban takunkumi gurɓatacce ne, saboda haka ba a taɓa shi, ta igiya ake kama shi daga baya, a janye shi nesa da fuska, a jefa cikin kwandon shara mai murfi, a tsabtace hannu nan take. Saukar da shi ƙarƙashin haɓa don yin magana ko amsa waya, ko cusa shi a aljihu a sake ɗaukowa bayan sallar azahar, yana kai ƙwayar cutar daidai inda ake gudun ta kai. Duk takunkumin da ya jiƙe da gumi ko numfashi, ko ya yage, ko mara lafiya ya yi tari a kansa, ko aka cire shi don ci ko alwala, aikinsa ya ƙare. Idan kaya sun yi ƙaranci, an yarda ma'aikaci ya ci gaba da sanye da guda ɗaya yana duba mutane da dama har zuwa kimanin awa shida, muddin bai cire ba kuma bai taɓa ba, wannan ya fi cirewa da mayarwa nesa ba kusa ba.

Takunkumi mai matse fuska, wanda aka rubuta N95 a jikinsa, ana ajiye shi ne don aikin da ke tayar da ƙananan ɗigo, irin su zuƙe majina da na'ura da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da kuma duba wanda ake zargin tarin fuka. Bayan an sa shi, igiya ɗaya a saman kai ɗaya a ƙeya ƙasa da kunne, a rufe shi da tafin hannu biyu a fitar da numfashi da ƙarfi, idan an ji iska a gefen ido ko kumatu to bai zauna ba. Gemu mai yawa yana hana shi mannewa da fata, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili cikin mutunci: ma'aikaci mai gemu ya san cewa kariyarsa ta ragu, a irin waɗannan ayyuka a tura abokin aikin da takunkumin ke zauna masa idan akwai, kuma a yi aikin a ɗakin da ya fi iska. Wajen duba maƙogwaron yaro mai tari a ƙara da garkuwar fuska ko tabarau, domin ido ma ƙofa ne.

A asibitin da na ambata mun yi lissafin bukata kamar haka. Ma'aikata shida, kowa guda uku a yini, ya zama 18. Masu tari manya kimanin goma sha biyu a ranar cunkoso, da masu jinya goma, ya zama 22. Jimla 40 a yini, wato kusan kwali ɗaya mai guda hamsin, a wata mai ranakun aiki 26 kuma kwali 21. Shugaban asibiti da ya kai wa kwamitin ci gaban mazaɓa irin wannan adadi tun watan Oktoba ya fi samun biyan bukata fiye da wanda ya ce kawai a taimaka da kayan aiki. Idan abin da aka samu bai kai ba, a fara da mai tari da ma'aikacin da ke matsowa kusa da shi, masu jinya kuma tela ya ɗinka musu na yadi mai ninki uku, wanda za a riƙa wankewa kullum da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana.

Mataki na huɗu: hannu

Lokuta biyar ne aka sani na tsabtace hannu: kafin taɓa mara lafiya, kafin aiki mai bukatar tsabta kamar allura ko wanke ciwo, bayan taɓa majina ko jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa mara lafiya, da bayan taɓa gadonsa ko kayansa. Sanitaiza mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ita ta fi dacewa da teburin duba, a zuba cikin tafin hannu abin da zai jiƙa hannu biyu, a murza tafi da baya da tsakanin yatsu da babban yatsa da kan farce na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. Idan ya bushe cikin daƙiƙa biyar, abin da aka zuba bai isa ba. Hannun da ake ganin datti a jikinsa, ko bayan fitowa daga bayi, sai ruwa da sabulu, na daƙiƙa 40 zuwa 60 gaba ɗaya.

Inda babu famfo, bokiti mai murfi da kan famfo a ƙasansa, da roba a ƙarƙashi don tarar ruwan wanki, ya wadatar, kuma a ajiye ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a ɗakin duba, ɗaya a ɗakin kwanciya, ɗaya kusa da bayi. Abin da ke kashe wannan tsari shi ne rashin wanda aka ɗora wa cika bokitin, don haka a rubuta sunan mai cikawa da lokaci, da safe da kuma bayan azahar. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, da tawul ɗaya da aka rataye tun Litinin, duk suna mayar da abin da aka wanke, gara a yarfe hannu ya bushe a iska. Buta tana aiki idan wani ne ke zuba wa mai wankin. Alwala tsarki ce, amma da yake ba a sa sabulu a cikinta, ma'aikaci da mai jinya su wanke hannu da sabulu kafin su fara ta, tunda a alwala hannu yana shiga baki da hanci yana shafar ido. Safar hannu ba ta ɗauke wa kowa wanki, kuma safa ɗaya da aka duba yara goma da ita ta fi hannu tsirara haɗari, domin mai ita yana jin ya tsira. Zobba da awarwaro da dogon farce a bar su a gida.

Tebur, da hannun ƙofa, da sikelin awo, da ƙarfen gado, a wanke su da ruwan sabulu sannan a goge da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1, aƙalla sau biyu a yini. Idan bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 ne, kamar yadda aka rubuta a jikin robarsa, ana zuba awo ɗaya cikin awo 34 na ruwa, a haɗa sabo kowace safiya, a ajiye a inuwa, kuma kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki. Ma'aunin zafi da abin sauraren ƙirji a goge su da auduga mai alkohol tsakanin mara lafiya da na bayansa.

Mataki na biyar: mai jinya a gefen gado

A asibitinmu na karkara mai jinya ita ce ke ciyarwa, ta share majina, ta kai fo, ta kwana a tabarma a gindin gado, don haka ta fi kowane ma'aikaci daɗewa cikin numfashin mara lafiya. A roƙi dangi su tsayar da mutum ɗaya, kuma kada ya kasance mai ciki, ko tsohuwa, ko mai asma ko ciwon suga. Sau da yawa kaka ce ake turowa domin ita ce ba ta da aikin gida, a nan ma'aikaci ya nemi maigidan ya yi masa bayani cikin ladabi, kamar ya ce: «Malam, wannan ciwon ya fi kama tsofaffi da ƙarfi, a taimaka a turo wadda ta fi Iya ƙarfin jiki.» A nuna wa mai jinya sa takunkumi da wankin hannu a aikace, ta yi a gaban ma'aikaci, ta shimfiɗa tabarmarta a gefen da iska ke shigowa, kanta nesa da fuskar mara lafiya. Moɗa da cokali da kwanon mara lafiya su zama nasa shi kaɗai, a wanke da sabulu. Idan uwa mai shayarwa ce ta kamu, ta ci gaba da ba da nono, sanye da takunkumi, bayan ta wanke hannu. Gadajen masu mura a haɗa su a gefe ɗaya, da tazarar aƙalla mita ɗaya, nesa da ɗakin haihuwa. Masu dubiya kuwa, waɗanda kan cika ɗaki bayan la'asar, a karɓi gaisuwarsu a waje ko su shiga bibbiyu na ɗan lokaci, kuma idan liman da mai unguwa suka sanar da haka tun farko, ba a samun ɓacin rai.

A koya wa mai jinya alamun da za ta kira ma'aikaci a kansu ko da tsakar dare ne: numfashi da sauri ko da wahala, lotsawar ƙasan ƙirji, kasa sha ko kama nono, jijjiga, yawan barcin da ba a iya tayarwa, da zazzaɓin da ya sauka sannan ya dawo da tari mafi muni. Shi ma'aikaci ya ƙirga numfashi na minti ɗaya cur, ya tuna cewa 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga mai wata biyu zuwa sha ɗaya, da 40 ga mai shekara ɗaya zuwa biyar, duk saurin numfashi ne. Idan na'urar yatsa ta nuna oksijin ƙasa da kashi 90, a tura mara lafiya babban asibiti, da takunkumi, tagogin mota a buɗe. Zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya kamar kullum, a guji ba yara asfirin, kuma a tuna maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ƙwayar mura sai in nimoniya ta biyo baya.

Idan ma'aikaci ne ya kamu

A asibitin da ma'aikata ba su wuce biyar ko shida ba, wanda ya tashi da zazzaɓi yakan sha farasitamol ya zo aiki don kada a ce ya gudu, kuma ta haka mutum ɗaya yake kwantar da sauran cikin mako guda. Ƙa'idar ita ce ya zauna a gida har sai ya yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da maganin saukar da shi ba, idan ya dawo ya ci gaba da sa takunkumi muddin yana tari, kuma a nisanta shi da ɗakin haihuwa da teburin rigakafin jarirai na wasu kwanaki. Wannan ba zai yiwu ba sai shugaban asibiti ya tsara tun kafin hunturu wanda zai riƙe wa kowa aikinsa. Ɗakin hutun ma'aikata, inda ake cire takunkumi a ci abinci kwano ɗaya da taga a rufe, shi ma a mayar da shi baranda. Ma'aikaciya mai ciki a sauya mata aiki daga duba masu tari, kuma idan ta kamu ta ga likita da wuri, domin maganin oseltamibir ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Allurar rigakafin wannan mura, wadda ake sabuntawa kowace shekara, ba ta cikin jerin rigakafin yau da kullum na ƙasar nan, amma wanda ya samu hanyar yin ta a birni ya yi.

A ƙarshen kowane mako shugaban asibiti ya ƙirga masu tari da zazzaɓi a rajista ya kwatanta da makon da ya wuce. Idan adadin ya yi tsalle, ko ma'aikata biyu suka kwanta a tare, ko aka kawo mutane da dama daga gida ɗaya ko makarantar allo ɗaya da wahalar numfashi, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Haka nan a tambayi duk mai tsananin ciwon numfashi ko kaji suna mutuwa a gidansu ko a gonar da yake aiki, domin murar tsuntsaye ta ɓulla a arewacin ƙasar nan tun shekarar 2006 kuma tana dawowa lokaci zuwa lokaci. Idan amsar e ce, a keɓe shi a ɗakin da ya fi iska, mai duba shi ya sa N95 da garkuwar fuska da safar hannu da rigar kariya, a rubuta sunayen duk waɗanda suka kusance shi, sannan a kira jami'in kafin a ɗaga shi zuwa wani asibiti.